Kod ɗina yana gano gada amma yana tsallake mahaɗa

Tambaya: "'Yan uwa, na rubuta DFS da `disc` da `low`. Gadoji suna fita daidai, amma mahaɗa, wato garin da in an cire shi taswira ta rabu, wani lokaci tana fita wani lokaci babu. Ina matsalar take?"

Ɗan uwa, wannan ya taɓa cinye mini kwana biyu, don haka duba layin da kake sabunta `low` idan ka tarar da garin da aka riga aka ziyarta. Ina kyautata zaton `low[v]` ka sa a wurin. Abin da ya dace shi ne:

```
if v ziyartacce kuma ba uban u ba: low[u] = min(low[u], disc[v])
bayan dawowa:    low[u] = min(low[u], low[v])
```

Ɗauki takarda ka zana garuruwa biyar. A, B, C sun yi zobe, C, D, E ma sun yi zobe, C ne kaɗai ya haɗa su. Ka fara daga A, lokutan isa su zama 1 zuwa 5 bi da bi. Da ka isa C, sai ya hango A, `low` ɗinsa ya sauka zuwa 1. Ka wuce D, ka wuce E, E ya hango C. A ƙa'ida E zai ɗauki 3, lokacin isa C, D ya gaji 3 ɗin. Tunda `low[D] >= disc[C]`, ma'ana garuruwan da ke ƙarƙashin C ba su da hanyar haurawa sai ta kansa, C mahaɗa ce.

To in ka ɗauki `low[C]`, E zai samu 1. Kod ɗin ya yarda ke nan cewa E na iya kaiwa A, alhali hanyar ta cikin C ɗin da za a cire take bi. Shi ya sa gadojinka ba su lalace ba: a wajen gada hanya ake cirewa, garin yana nan, ratsa shi halal ne. Dalilin da ya sa sharaɗinta ya zama `low[v] > disc[u]` ke nan, babu daidai a ciki.

Abin da ya fi wahalar da ni shi ne kuskuren yana ɓuya. In C ya shiga D kafin ya hango A, `low` ɗinsa yana 3 har lokacin, amsa ta fito daidai. Juya jerin maƙwabtan C ka sake gwadawa, in amsa ta canza ka kama shi.

Garin farko kuma hukuncinsa daban, domin sharaɗin `>=` kullum yana cika a kansa. Shi mahaɗa ne kawai in DFS ta fita daga gare shi sau biyu ko fiye. A zanenmu A na da maƙwabta biyu amma ɗa ɗaya, B, don haka 'ya'ya za ka ƙirga, ba maƙwabta ba.

In kuma akwai hanya biyu tsakanin gari biyu, tsallake lambar hanyar da ka shigo ta kanta maimakon sunan uban, in ba haka ba za ka kira tagwayen hanya gada.