Na gyara masa layin ƙarshe amma amsar ta ƙi fitowa, ina kuskuren yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ne ya turo min hoton aikin lissafinsa wai in duba masa, shi ya samu 14, littafi kuma ya ce 10. Na ga ya yi kuskure a layin ƙarshe na gyara, sai ta ba ni 34, ta ma ƙara nisa. Don Allah ta ina zan fara? Ga hoton nan na haɗo.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Gyaran da kika yi daidai ne fa, kuskure ne na gaske kika kama, matsalar dai shi ne na biyu, akwai wani a sama da shi wanda tun daga can aikin ya bar hanya. Amma kafin mu je wajen, bari in nuna miki abin da na fara yi da hoton, don nan ne mutane da yawa suke tsallakewa.

Na ɗauki takarda na kwafe abin da ya rubuta, layi layi, na sa wa kowane lamba, ban gyara komai ba ko da na ga abin da bai min ba. Ga shi:

```
(1) (2x + 1)/3 − (x − 4)/2 = 4
(2) 2(2x + 1) − 3(x − 4) = 24
(3) 4x + 2 − 3x − 12 = 24
(4) x − 10 = 24
(5) x = 14
```

Dalilin kwafewar shi ne hoto yana ruɗin ido, rubutun hannu ma haka. A layi na 1, wannan 1 ɗin nasa yana da ɗan ƙugiya a sama, in mutum ya kalla da sauri zai rantse 7 ne. Me ya tabbatar min 1 ne? Layi na 3, inda ya ninka da 2 ya samu 2, da 7 ne ai 14 zai rubuta. To haka ake yi, in wata alama ta shige miki duhu ki nemi shaidarta a layin da ke ƙasa, ko ki duba yadda ya rubuta irin wannan lambar a wani wuri a shafin. Sannan inuwar wayar ta faɗo gefen dama, sai da na zuƙo hoton sosai kafin na tabbatar 24 ne a layi na 2. Abubuwan da suka fi ɓacewa a hoto su ne mainos in an rubuta shi da fensir mara ƙarfi, da x da alamar sau in sun yi kama, da kuma tsawon layin da ke raba sama da ƙasa, don shi ke nuna ko 1 ɗin yana cikin abin da ake rabawa da 3 ko yana waje. In kin yi iya yinki abu bai fito ba, ki ce ya sake ɗauka a wuri mai haske, wayar ta kalli takardar kai tsaye ba a karkace ba. Kar ki yanke masa hukunci kan abin da kika yi zato, yaro in aka ce ya yi kuskure a inda bai yi ba, sauran maganar ba zai saurara ba. Kuma ki haɗa layi na 1 da tambayar da ke littafi, don wani lokacin tun wajen kwafe tambayar ake samun matsala. Tunda na gwada 10 a ciki ta zauna, alamu sun nuna ya kwafa daidai.

Yanzu neman kuskuren. Tunda kina da amsar littafi aikin ya zo da sauƙi. Ka'idar ita ce duk layin da yake daidai, dole amsar gaskiya ta zauna a cikinsa, hagu da dama su zo ɗaya. Sai ki ɗauki 10 ki riƙa sakawa a madadin x, daga sama kina gangarowa, layin farko da ya ƙi karɓarta nan za ki tsaya.

Layi na 1: 21 raba 3 ya ba da 7, 6 raba 2 ya ba da 3, 7 a cire 3 saura 4. Ya zauna. Layi na 2: 2 sau 21 shi ne 42, 3 sau 6 shi ne 18, a cire saura 24. Shi ma ya zauna, kuma ki lura wannan layin ba ƙaramin abu ba ne, ya gane cewa da 6 zai ninka, ya ninka har da 4 ɗin da ke dama, yara da yawa a nan suke mantawa su bar 4 yadda take. Layi na 3: 40 da 2 ya zama 42, a cire 30 saura 12, a cire 12 saura 0. Sifili a hagu, 24 a dama. To nan ne.

Wajen buɗe biraket na biyu ya ninka 3 da x ya sa mainos, daidai, amma da ya zo kan 4 sai ya ninka 3 da 4 kawai ya kwaso mainos ɗin da ya gani a ciki ya ajiye. Alhali abin da ke waje −3 ne gaba ɗayansa, kuma −3 sau −4 fulos 12 ne. Yadda ya kamata ya kasance:

```
(3) 4x + 2 − 3x + 12 = 24
(4) x + 14 = 24
(5) x = 10
```

Kin ga abin da ya sa gyaranki ya ba da 34. Layi na 4 nasa, in aka bi abin da ya rubuta a layi na 3, babu laifi a ciki, 4x a cire 3x saura x, 2 a cire 12 ya ba da −10, ya yi lissafin daidai a kan abin da ya riga ya lalace. Ke kuma kika ɗora daidai a kan layi na 4. Kamar gini ne da tubali ɗaya ya karkace a ƙasa, ko kin daidaita na sama bangon a karkace zai tafi. Shi ya sa in an fara daga ƙasa, kuskuren ƙarshe ake fara cin karo da shi, mutum ya ɗauka ya gama.

To in babu amsar littafi fa? Ko dai ki warware da kanki a wata takarda daban kafin ki kalli nasa, don in kika fara karanta nasa ido yana bin hannunsa ne ya yarda da duk abin da ya gani, ko kuma ki gwada layi biyu da ke maƙwabtaka da kowace lamba kika ga dama. Daga layi na 2 zuwa na 3 biraket kawai aka buɗe, dama ba ta canza ba, don haka hagun dole su ba da abu ɗaya ko wace lamba aka saka. Gwada 2: layi na 2 ya ba da 10 a cire −6, wato 16, layi na 3 nasa ya ba da 8 da 2, a cire 6, a cire 12, wato −8. Ba su haɗu ba. Ni dai ba na son a yi wannan gwajin da 0 ko 1, don 0 tana kashe duk abin da ke ɗauke da x, in kuskuren a can yake ba za ki gan shi ba, ita kuma 1 tana ɓoye bambancin x da x².

Gwajin amsar littafi ma yana da iyaka, gara in faɗa miki. Layin da ya ƙi karɓar amsa tabbas akwai matsala, amma layin da ya karɓa ba lallai ne hanyarsa ta yi kyau ba. Misali yaro yana da x² = 5x sai ya raba duka da x ya rubuta x = 5, in kin saka 5 za ta zauna a duka biyun, amma ya zubar da ɗaya amsar, wato 0. Don haka bayan gwajin lamba, a kowane layi ki tambayi kanki me ya yi daga na sama zuwa wannan, kuma ya yi wa ɓangarorin biyu ko ɗaya kawai.

Sai maganar yadda za ki mayar masa, wanda a wurina ya fi neman kuskuren muhimmanci. Don Allah kar ki tura masa cikakkiyar warwara, zai kwafe ne ya ce ya gane, gobe ya maimaita. Ki buɗe hoton nasa ki zagaye −12 ɗin nan kaɗai, ki rubuta masa cewa layi na 1 da na 2 sun yi kyau sosai, ya sake duba abin da kika zagaye. In ya dawo nan take ya ce au fulos ne, to sauri ne ya ja masa, magani shi ne ya riƙa ƙara layi ɗaya yana rubuta (−3)(−4) a fili kafin ya ninka. In kuwa ya ce shi bai ga laifi ba, to abin bai zauna masa ba ne, kuma maimaita masa cewa mainos da mainos fulos ne ba zai wadatar ba, ya riga ya haddace wannan, bai dai ga cewa ga inda take aiki ba. Ki ba shi lambobi zalla: 20 − 3(6 − 4). Ya fara yin na cikin biraket, 2 sau 3 shida, 20 a cire 6 saura 14, wannan ba zai yi musu ba. Sai ki ce ya sake yi ta hanyar buɗe biraket irin tasa, zai samu 20 − 18 − 12, wato −10. Lissafi ɗaya amsa biyu, sai ki bar shi ya nemo alamar da zai canza ya dawo 14. Da hannunsa zai mayar da ita +12, daga nan ya koma aikinsa ya ƙarasa daga layi na 3 da kansa.

Akwai wani abu da nake so ki kiyaye game da kuskuren da kika fara kamawa. Da zarar ya gyara layi na 3, layi na 4 zai koma x + 14 = 24, zai cire 14 daga 24 ya samu 10, kowa ya yi murna. Amma ki tuna a aikinsa na farko yana da x − 10 = 24 ya cire 10 maimakon ya ƙara. In al'adarsa ce duk lambar da ya gani kusa da x cirewa yake, to a sabon layin cirewar ta dace ne kawai, kuskuren na nan bai tafi ba, ya ɓuya ne. Don haka bayan ya samu 10 ɗinsa, ki turo masa x − 10 = 24 ita kaɗai ki ce ya warware, sannan ya mayar da amsarsa ciki ya gani ko ta zauna. In ya ce 14, 14 a cire 10 saura 4 ne ba 24 ba, zai gani da idonsa, sai ki tambaye shi me zai yi wa ɓangarorin biyu don −10 ɗin ta tashi daga hagu. Amma ki bari sai ya gama da na biraket tukuna, kar ki haɗa masa su a saƙo ɗaya.