Shin Bulokcen Rumbun Bayanai Ne? Amsa Kan Amana, Sauri Da Gyaran Rubutu

Tambaya: Malam, ni ne nake kula da kwamfutocin wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi a Kano, kuma lissafin buhunan da mambobi suke ajiyewa a sitonmu yana cikin PostgreSQL. Bara an samu giɓi a lissafin, rigima ta kusa raba ƙungiyar. Yanzu wani ya shawo kan shugabanni cewa idan muka mayar da komai kan bulokcen babu wanda zai sake cuta, domin shi ma rumbun bayanai ne amma wanda ba a iya taɓa shi. Hankalina bai kwanta ba, kuma kuɗin da ya nema ba kaɗan ba ne. Shin gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya. Bulokcen yana ajiye bayanai, saboda haka wanda ya kira shi rumbun bayanai bai yi ƙarya ba, sai dai ya faɗi rabin magana. Ainihinsa jerin rubutu ne da ake ƙarawa a ƙarshe kawai, kowane bulok, wato dunƙulen rubutu guda, yana ɗauke da hash na wanda ya gabace shi, wato lambar da ake lissafawa daga abin da yake cikinsa wadda take canzawa da zarar an taɓa shi, tare da ƙa'idar da kwamfutocin da ba su yarda da juna ba suke bi su amince da jeri guda. Rumbun da kake tunani yana nan a ƙarƙashinsa: manhajar Bitcoin Core tana riƙe lissafin kuɗin da ba a kashe ba a cikin LevelDB, Hyperledger Fabric kuma, manhajar gina bulokcen na kamfanoni, tana riƙe halin da lissafi yake ciki a LevelDB ko CouchDB. Abin da kuke shirin saya shi ne waccan ƙa'idar ta amincewa, kuma ita ce take da tsada.

Maganar sauri ba ta da tsawo. Bitcoin yana fitar da bulok ɗaya kusan kowane minti 10, yana ɗaukar mu'amala kamar 7 a daƙiƙa, kuma al'ada ita ce a jira bulok 6, wato kusan awa guda, kafin a ɗauki babban biya a matsayin wanda ya tabbata. Ethereum yana da damar fitar da bulok kowace daƙiƙa 12, amma tabbatuwar da ba a komawa baya tana ɗaukar wajen minti 13. PostgreSQL ɗinka a kan kwamfuta matsakaiciya yana rubuta dubbai a daƙiƙa guda. Dalilin bambancin shi ne a bulokcen kowace kwamfutar da take riƙe da cikakken jerin tana sake tantance kowace mu'amala da kanta, don haka ƙara kwamfutoci yana ƙara yawan shaidu amma ba ya rage wa kowa aiki. Ƙungiyar da take rubuta 'yan ɗaruruwan rasit a rana ba za ta ƙure wannan iyaka ba, musamman a bulokcen na cikin gida wanda ya fi waɗancan sauri nesa. Inda za ka ji jiki shi ne wajen tambaya. Ranar da shugaba ya ce ka fito masa da buhunan masara da kowane mamba ya ajiye tun kaka, jerin bulok ba ya amsa irin wannan cikin sauƙi, sai an kwafe bayanan zuwa rumbu na yau da kullum, sau da yawa PostgreSQL ɗin da aka ce ku bari.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar da mutumin nan ya sayar muku, cewa tunda ba a iya canza rubutun to babu sauran cuta. Kusan kullum ina haɗuwa da wannan magana, daga bakin masu digiri da marasa shi, kuma ita ce mafi hatsari a wannan fage. Bulokcen yana tabbatar da abu biyu kacal: cewa mai riƙe da makullin sirri kaza ne ya sa hannu a rubutun, da cewa rubutun bai canza ba tun da ya shiga jerin. Bai san komai game da sitonku ba. Ba ya ƙirga buhu, ba ya auna nauyi, ba ya gane masara mai ƙwari. A Bitcoin wannan ba matsala ba ce, domin kuɗin a cikin littafin aka haife shi kuma a cikinsa yake zaune, babu wani abu a waje da za a kwatanta shi da shi. Buhun masara kuwa yana waje, kuma mutum ne yake tsakaninsa da kwamfuta.

Mu ɗauki misali. Wani mamba ya kawo buhu 50, mai kula da sito ya rubuta 500 a rasit mai lamba 1182, ko da kuskuren yatsa ko da haɗin baki. A tsarinku na yanzu, idan aka gano, gyaran layi ɗaya ne:

```sql
UPDATE ajiya SET buhuna = 50 WHERE rasit = 1182;
```

Na san wannan sauƙin shi ne abin tsoron shugabanninku, domin hannun da ya mayar da 500 ta zama 50 zai iya mayar da 50 ta zama 500 da tsakar dare. To a bulokcen me zai faru? Duk kwamfutocin za su karɓi 500 ɗin ba tare da gardama ba, tunda sa hannun mai sito sahihi ne kuma rubutun bai saɓa wa ƙa'idar manhaja ba. Ba a goge shi, sai dai a ƙara sabon rubutu da yake cire buhu 450, kamar yadda akanta na gari ba ya kankare littafi sai dai ya shigar da gyara a layi na gaba. Har nan babu laifi. Amma a ce kafin a gano, mai rasit ɗin ya sayar da buhu 300 daga ciki ga wani ɗan kasuwa, an mayar da su zuwa makullin mai saye. Yanzu a asusun mai rasit saura 200, ba za a iya cire 450 daga ciki ba, a hannun mai saye kuma akwai shaidar buhu 300 alhali 50 ne kawai a ƙasa. Ba za ku iya janye shaidar ba sai da makullinsa, shi kuwa ya biya kuɗinsa, don me zai ba ku? Hanyar da ta rage ita ce a ce tun farko an gina wani babban makulli da yake iya soke rasit ɗin kowa. Idan akwai shi, to mai riƙe da shi yana da irin ikon da admin na PostgreSQL yake da shi a yau, kun koma inda kuka fito bayan kun kashe kuɗi. Idan babu shi, ƙaryar ta zauna daram, kuma za a riƙa nuna ta a taro a matsayin hujjar da ba a musu.

Kafin ku sa hannu a kowace yarjejeniya, ku koma kan giɓin bara ku gano ta inda ya shigo. Idan wani ne ya canza tsohon rubutu, wannan cuta ce da sarƙar hash take kamawa. Idan kuwa tun a bakin ƙofar sito aka rubuta abin da ba shi ba, ko buhuna suka fita da dare babu rubutu, to babu bulokcen ɗin da zai taɓa ganinta, kuma a abin da na saba gani giɓin sito ya fi zuwa ta wannan hanya ta biyu.

Ko rashin canzawar ma yana da iyaka, domin mutane ne suke riƙe da shi. A shekarar 2016 an wawure kimanin ether miliyan 3.6, wato kuɗin Ethereum, daga wani asusun zuba jari da aka gina a kansa mai suna The DAO, sai masu Ethereum suka canza ƙa'idar manhajar a watan Yuli na shekarar aka mayar da kuɗin, waɗanda suka ƙi yarda suka ci gaba da tsohon jerin da sunan Ethereum Classic. Shi wannan jerin kuma a 2019 da 2020 waɗanda suka mallaki fiye da rabin ƙarfin kwamfutocin da suke haƙa sabon bulok sun sake rubuta dubban bulok ɗinsa a wasu hare-haren, suka kashe kuɗi ɗaya sau biyu. Idan haka ta faru da jerin da yake warwatse a duniya, me za a ce da na ƙungiya mai kwamfuta 4?

Saboda haka ka yi wa mai kwangilar tambaya ɗaya a gaban shugabanni: kwamfutocin da za su amince da bulok, a hannun wa za su kasance, kuma wa yake da kalmar sirrinsu? Idan duk huɗun suna ofis ɗaya, ko a asusun gajimare guda da shi ya buɗe, to wanda yake da iko da su zai iya sake lissafa sarƙar daga farko cikin ɗan lokaci, babu wanda zai musa masa. Bulokcen yana da amfani ne inda ɓangarori masu zaman kansu, a ce ƙungiyarku da bankin da yake ba da bashi kan rasit da kamfanin inshora, kowa ya riƙe kwamfutarsa da makullinsa, kuma babu wanda suka yarda ya riƙe musu littafi shi kaɗai. Ko a nan ɗin ma ba a cika cin nasara ba. Maersk da IBM sun sanar da rufe TradeLens, bulokcen ɗinsu na bin sawun kayan jiragen ruwa, a Nuwamban 2022 saboda kamfanonin jiragen ruwa ba su shigo yadda ake bukata ba, a watan ne kuma kasuwar hannun jari ta Ostireliya ta dakatar da shirin maye gurbin tsarinta na kammala cinikin hannun jari mai suna CHESS da irin wannan fasaha bayan shekaru ana aiki, ta yi asarar wajen dalar Ostireliya miliyan 250. Waɗannan ba su rasa kuɗi ko injiniyoyi ba.

Abin da kuke bukata kuna iya samunsa a inda kuke. Ka mayar da teburin ajiya wanda ake ƙara wa rubutu kawai, ka ƙwace ikon gyara da gogewa daga asusun da manhaja take shiga da shi, duk gyara ya zama sabon layi mai sunan wanda ya yi da dalilinsa:

```sql
REVOKE UPDATE, DELETE, TRUNCATE ON ajiya FROM manhaja;
```

Wannan bai ɗaure hannun admin ba, wato kai kanka, don haka kowane dare a fitar da lissafin ranar cikin fayil, a sa hash na jiya a layinsa na farko, a lissafa sabon da `sha256sum`, a tura shi ga ma'aji da mai binciken kuɗi da wasu mambobi biyu ko uku. Duk wanda ya taɓa tsohon rubutu daga baya, lambar ba za ta yi daidai da wadda take wayoyinsu ba. Ka kuma tuna cewa dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa a wasu yanayi, abin da yake da wuyar cikawa ga wanda ya zuba sunayen mambobi da lambobin wayarsu a jerin da ba a gogewa.

Ragowar aikin ba na kwamfuta ba ne, kuma shi ne wanda masu yawo da takardun talla ba sa son a ambata domin babu kwangila a cikinsa. Mutum biyu su sa hannu a duk buhun da ya shiga ko ya fita, wanda yake riƙe da makullin sito kada ya zama shi ne mai shigar da lissafi, a riƙa ƙirga buhuna ba tare da sanarwa ba ana kwatantawa da littafi, kuma kada a bari a sayar da rasit ko a jinginar da shi sai wani na dabam ya je ya ga kayan da idonsa. Shugabanni su ji tsoron Allah a kan dukiyar mambobi, kada su ɗebi kuɗin mutanen da suka yi asara bara su miƙa wa wanda ya kasa gaya musu a hannun wa kwamfutocinsa za su zauna.