Yadda ake tsara teburin sakamako mai layi uku

Tambaya: "Ina rubuta rahoton gwajin ruwan rijiyoyin Gombe, malamina ya ce teburina ya cika layuka. Yaya zan gyara?"

Ɗan'uwa, layi uku kacal za ka bari, duk a kwance: ɗaya sama, ɗaya ƙarƙashin sunayen ginshiƙai, ɗaya ƙasa. Na tsaye duk goge su.

Ma'auni kuwa, sau ɗaya za ka sa shi a kan ginshiƙi, misali gishirin ruwa mg/L, lambobi zalla su biyo. In ka rubuta 12.4, kada na ƙasa ya zama 9, rubuta 9.0, ɗigo ya hau kan ɗigo.

Rijiyar da ba a auna ba, kada ka sa sifili, don sifili ma sakamako ne. Sa ƙaramin harafi kamar "a" a gurbinta, ka bayyana ma'anarsa ƙarƙashin layin ƙarshe. Lamba a nan tana rikicewa da lissafi.

Adadin lambobin bayan ɗigo kam, mai kula da ɗakin gwaji zai gaya maka iyakar na'urarsu.