Roƙon da ya nutse a tsakiyar saƙo: amsa ga sakataren unguwa

Tambaya: "Salamu alaikum Yaya. Ni ne sakataren ƙungiyar unguwarmu. Burtsatsenmu ya lalace, na rubuta dogon saƙo a guruf ina neman a kawo mai gyara kafin taron Asabar. Kowa ya ce Allah ya saka, amma babu wanda ya motsa. Ga saƙon nan na tura sama. Ina matsalar take?"

Amsar da aka juyo daga murya:

Wa alaikumus salam ƙanena, ya aiki, ya jama'ar unguwa. To, na karanta saƙon naka tun daga bisimilla har wassalam, kuma ina so in ba ka amsa a nan cikin guruf don akwai sakatarori da yawa da abin zai amfana.

Mutanenka ba ƙin aiki suka yi ba. Ba su ga aikin ba ne. Ka fara da gaisuwa ga iyaye da shugabanni, ka kawo tarihin yadda aka haƙa rijiyar, ka faɗi wahalar da mata da yara suke sha wajen sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, ka gode wa waɗanda suka taimaka bara. Duk gaskiya ne, duk kuma ya dace a faɗa. Amma abin da kake nema sai can a sakin layi na biyar na same shi, inda ka ce: "Zai yi kyau a samu wanda zai duba mana mai gyara nan ba da jimawa ba." Bayansa kuma ka zarce da maganar shara da ta 'yan sintiri, ka rufe da addu'a. Wanda ya karanta, abin da ya rage a kunnensa addu'ar ce, shi ya sa ya amsa maka da amin. Ka gane? Ya amsa abin da ya ji ne.

Kuma ka tuna yadda waya take nuna saƙo. Idan ya yi tsawo WhatsApp yanke shi yake, ya sa Read more a ƙasa. Mutumin da ke kasuwa ko kan babur ba zai taɓa wurin ba. Wani ma layin farko da ya faɗo a saman waya kawai zai gani. Saboda haka wasu ko isa layin nan na biyar ba su yi ba.

Yanzu mu tsaya kan wannan jimlar guda ɗaya, don a nan ciwon yake. Ka ce "a samu wanda zai duba". Wa zai samo shi? Mu Hausawa muna da wannan "a" ɗin ta ladabi, a yi, a duba, a taimaka, kuma tana da amfaninta idan kana gaban babba shi kaɗai, don ya san da shi kake. Amma a guruf mai mutum tamanin, kowa zai ɗauka da maƙwabcinsa kake. Ma'aji yana jiran Shugaba, Shugaba yana ganin ai sakatare ya riga ya ɗauki maganar tunda shi ya rubuta. Sannan "duba mai gyara" ba aiki ba ne da za a ce an gama shi. Wanda ya buga masa waya bai ɗauka ba zai ce ya duba. Wanda ya haɗu da shi a masallaci suka gaisa shi ma zai ce ya duba. Kai kuwa abin da kake bukata a hannunka ranar taro shi ne takarda, an rubuta abin da ya lalace da kuɗin gyaransa. To ita za ka nema da sunanta.

Kafin ka sake rubuta komai, ka fara da waya. Wannan shi ne matakin da yawancin matasa suke tsallakewa, sai su jawo wa kansu rigima. Kar mutum ya fara ganin sunansa a guruf an ɗora masa aiki bai sani ba, musamman idan ya girme ka. Ka zaɓi mutum ɗaya wanda ya san mai gyaran, ko wanda gidansa ke kusa da rijiyar da zai iya tsayawa a kai idan an zo zaro injin. Ka kira shi, ko ka same shi bayan Magariba, ka ce: "Baba, Shugaba ya ce in roƙe ka wannan aikin, zai yiwu zuwa Alhamis?" Idan ya ce Alhamis yana kasuwar ƙauye, ka ga ka sani tun yanzu, sai ku daidaita ko ka nemi wani. Kuma da gaske ka fara samun izinin Shugaba, kar ka ari bakinsa. Sakatare ba shi da hurumin yanka wa dattijo wa'adi da kansa, amma yana da hurumin isar da abin da shugabanci ya yanke.

Mutum ɗaya fa na ce. Idan ka rubuta "Alhaji Wane da Malam Wane su duba", ka koma gidan jiya, kowannensu zai bar wa ɗan'uwansa. In dole mutum biyu ne, to ka ce wane shi ne zai kawo takardar, wane zai raka shi.

Sai maganar lokaci, kuma a nan zan ɗan daɗe. Taronku Asabar ne bayan Isha'i. Kar ka sa wa'adin ranar Asabar. Ka ƙirgo daga baya. Shugaba da Ma'aji suna bukatar su ga kuɗin tun kafin taro, su duba abin da ke cikin asusu, su san nawa za a ce kowane gida ya kawo. Wannan aikin Juma'a ne. Ke nan takardar ta shigo hannunka ranar Alhamis. In kuma an samu tangarɗa, kana da yini guda na cike gurbi. Ka faɗi wannan dalilin a cikin saƙon, a jimla ɗaya. Mutum ya fi riƙe wa'adi idan ya san wani yana jiran abin don ya yi nasa aikin.

Kuma ka kiyayi kalmomin lokaci da ke da fuska biyu. Kar ka rubuta "gobe" ko "jibi", don wanda datarsa ta ƙare sai bayan kwana biyu zai buɗe saƙon, goben nan ta zama wata goben. Kar ka rubuta "daren Juma'a". Dattijo zai fahimci daren da ake kwana a wayi gari Juma'a, wato Alhamis da dare, ɗan boko kuma zai ɗauka Juma'a da dare, ka ga an samu tazarar kwana guda cur, kuma kowa yana da gaskiyarsa. "Ƙarshen wata" ma haka, na Musulunci ko na albashi? "Bayan La'asar" kuwa ba shi da iyaka, har Magariba bayan La'asar ne, har Isha'i ma. Ka ce "kafin La'asar", wannan yana da bango. Abin da ba ya ruɗa kowa shi ne ka haɗa uku: sunan rana, kwanan wata da lamba, da lokaci.

To bari in karanto maka yadda zan rubuta shi in ni ne. Ka sa sunan gaskiya da kwanan wata na gaskiya a gurbinsu:

"Salamu alaikum. Alhaji Wane, da izinin Shugaba, muna roƙonka ka kawo mai gyara ya duba burtsatsen, ya rubuta abin da ya lalace da kuɗin gyara a takarda. Ka ɗauki hoton takardar ka turo mini kafin sallar La'asar ranar Alhamis, 14 ga wata, domin Shugaba da Ma'aji su duba ta ranar Juma'a kafin taron Asabar. Kuɗin motar mai gyaran yana wurin Ma'aji. Idan ka ga ba zai yiwu ba, don Allah ka sanar da ni zuwa Talata da dare. Allah ya saka da alheri."

Ka ji shi. Sallama tana nan, roƙo yana nan, addu'a tana nan, ladabi bai ragu ba. Amma sunan mutumin ya zo a layin farko, inda ido ke fara sauka. Ka lura da abu biyu da na ƙara. Kuɗin mota: sau da yawa abin da ke tsayar da irin wannan aikin shi ne mutum yana jin nauyin ya tambaya wa zai biya, sai ya yi shiru. Ka cire masa wannan nauyin tun farko. Sai ƙofar da na bar masa ta ranar Talata. Mutanenmu ba sa son cewa a'a, sun gwammace su ce to, in sha Allahu, su bar ka kana jira. Idan ka ba shi ranar da zai iya janyewa ba tare da kunya ba, za ka ji gaskiya tun da sauran lokaci.

Wajen rubuta sunansa ka danna @ ka zaɓo shi, saboda ko ya kashe ƙarar guruf ɗin sanarwar za ta same shi. Bayan ka tura, a yi wa saƙon Pin na kwana bakwai don kar gaishe-gaishen safe su binne shi.

Tarihin rijiyar da godiyar fa? Kar ka zubar da su, ka turo su a saƙo na biyu, mai son karantawa ya karanta. Maganar shara da ta 'yan sintiri kuwa kowacce ta jira ranarta da nata mutumin. Dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai.

Akwai inda wannan dabarar ba ta shiga, kuma ina so ka riƙe shi da kyau don za ka iso wurin bayan taro, lokacin karɓar kuɗi. Kiran suna a bainar jama'a na ɗora aiki ne, ba na bin bashi ba. Kar ka rubuta "Malam Wane ka biya kafin Laraba" a guruf, tozarci ne, kuma ba ka san halin da gidansa yake ciki ba. A nan sunan da za ka kira shi ne na mai karɓa: kowane gida naira kaza, a kai wa Ma'aji, zuwa rana kaza. Waɗanda ba su kawo ba a bi su ɗaya bayan ɗaya a keɓe.

Yadda za ka gane saƙon ya kama shi ne irin amsar da za ta dawo. Idan ka ga amin da hoton hannu kawai, bai kama ba. Idan Alhajin ya ce "na ji, zan kira shi da safe", ko ya tambaye ka lambar mai gyaran, to aiki ya tashi. In har Laraba da safe ba ka ji ɗuriyarsa ba, kar ka sake rubutu a guruf, ka kira shi ka tambaya ko mai gyaran ya sa rana. In kuma La'asar ɗin Alhamis ta wuce babu takarda, ka sanar da Shugaba a daren, shi zai yanke ko ya ɗora wa wani ranar Juma'a ko a ɗage wannan batun daga taron.

Ka gyara naka ka turo mini ta gefe in duba kafin ka sake shi. Ka gaida mutanen gida. Wassalam.