Tallan biki ta saƙon waya: haruffa 160 da abin da ke cinye su

Tambaya: Ina sayar da takalma. Na rubuta saƙon rangwame mai haruffa 140 don bikin da ke tafe, na tura wa lambobi 2,000, sai kamfanin tura saƙon ya cire mini kuɗin saƙonni 6,000. Cuta ce aka yi mini?

Amsa: Hajiya, da wuya a ce cuta ce. Ki koma ki duba rubutun, mai yiwuwa za ki tarar da ƙ, ɗ ko ɓ a cikinsa, ko da sau ɗaya ne. Saƙon waya yana da ma'auni biyu. Idan duk haruffan da ke ciki suna cikin jerin da ake kira GSM-7, wato baƙaƙen boko na yau da kullum da lambobi da alamomi irin su aya da waƙafi, saƙo guda yana ɗaukar 160. Haruffanmu masu lanƙwasa ba sa cikin wannan jeri. Da zarar guda ya shiga, sai a sauya saƙon gaba ɗaya zuwa ma'aunin UCS-2, wanda ke ɗaukar 70 kacal. In kuma rubutu ya zarce saƙo guda, ana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta rasa ɗan wuri saboda bayanin da waya ke bi ta sake haɗa su: 153 a ma'aunin farko, 67 a na biyu. Gunduwa biyu masu 67 sun tsaya a 134, naki kuwa 140 ne, don haka shidan da suka yi saura suka buɗe ta uku. Uku sau 2,000 shi ne 6,000 ɗin da kika gani.

Ba masu lanƙwasa kaɗai ke jawo haka ba. Ƴan hotunan fuska da furanni da ake ƙawata saƙo da su suna yin haka, kuma a ƙaramar waya akwati ne fanko zai fito a madadinsu. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne alamar da ke cikin kalmomi irin su "sa'a" da "jama'a". Idan a Word aka rubuta aka kwafo, yakan mayar da miƙaƙƙiyar alamar zuwa mai lanƙwasa, wadda ita ma ba ta cikin jerin. Ki riƙa buga saƙon kai tsaye a akwatin kamfanin, idonki na kan ƙidayar da ke ƙasansa. Wurin da babu komai tsakanin kalmomi ma ana lissafa shi harafi.

Kada ki ce za ki cire lanƙwasar kawai ki huta. Wani lokaci ba komai, amma "baƙi" ba "baki" ba ne, "faɗa" ba "fada" ba ce, kuma mai karatu a tsaye cikin hayaniya ba zai tsaya warware nufinki ba. Abin da ya fi shi ne zaɓen kalmomin da asali ba su da lanƙwasa, Hausa kuwa ba ta rasa su ba. Ga misali, SHAGO yana madadin sunan shagonki, sifilan kuma lambar wayarki:

```
SHAGO: Rangwamen biki 20% kan takalman yara, Alhamis 12 zuwa Asabar 14 kawai. Nuna BK20 wurin biya. Tambaya ko daina samun talla: kira 00000000000.
```

Haruffa 147 ke nan, saƙo guda, da rarar 13 ga sunan da ya fi tsawo. Ki lura da yadda aka tsara saƙon. Suna da rangwame suna gaba, domin allon ƙaramar waya layi kaɗan yake nunawa kafin a danna ƙasa, kuma mutum yakan yanke shawarar gogewa daga layin farko. Kaya iri ɗaya aka ambata, ba duk abin da ke shago ba. An haɗa rana da kwanan wata saboda kalmar "gobe" tana lalacewa: wayar da ke kashe ko babu sabis za ta karɓi saƙon daga baya, mai ita ya zo ranar da rangwame ya ƙare, a yi ta cacar baki a bakin kanta. Doguwar gaisuwar biki mun bar ta, duk da mun san tana da daɗi, don ita ce ke fara cinye wuri. In rarar ta isa, kalma biyu a ƙarshe sun wadatar.

Kafin ki tura wa kowa, ki tura wa ƙaramar waya guda ta gida ki karanta a allonta.

Tambaya: An ba ni zaɓi, saƙo ya fito da sunan shagona ko da lambar waya. Wanne zan saya? Kuma in sa adireshin shafina a ciki?

Amsa: Malam, suna ya fi jawo yarda, amma yana da iyaka biyu. Ba ya wuce haruffa 11, kuma ba a iya mayar masa da amsa. Duk wanda ya danna "amsa" ya rubuta tambaya, ba za ta iso ka ba. In ka zaɓi suna, dole lambar da za a kira ta kasance cikin saƙon, a rubuce a dunƙule ba tare da tazara ba, don yawancin ƙananan wayoyi su iya ciro ta a kira nan take. Sannan a ƙasashe da yawa sai an yi wa sunan rajista kafin ya fara aiki, hakan na ɗaukar kwanaki, don haka ba aikin jajibirin biki ba ne.

Adireshin shafi kuwa, ga mai ƙaramar waya asarar wuri ce. Lambar rangwame irin BK20, wadda mai saye zai nuna wurin biya, ta fi maka amfani, domin da ita za ka ƙirga mutum nawa saƙon ya kawo. Ka yi ta gajera, kada ka haɗa harafin O da sifili ko I da 1 a cikinta, allon ba ya bambanta su sosai.

Tambaya: Wani zai sayar mini da lambobi 50,000 da araha. In saya? Kuma sau nawa zan tura kafin biki?

Amsa: Kada ka saya, Alhaji. Ba ka san ko su wane ne ba, ba ka san garin da suke ba, kuma a irin wannan jeri akwai layukan da suka daɗe da mutuwa waɗanda za ka iya biyan kuɗin tura musu. Mutanen ba su ba ka izini ba, dokokin ƙasashe da dama sun hana talla ba izini, ƙorafinsu kuma zai iya sa a toshe sunan da ka sha wahalar yi wa rajista. Lambobi 500 na waɗanda suka taɓa sayen kayanka suka yarda a tuntuɓe su sun fi maka. Ka tace su tukuna: ka cire maimaici, ka daidaita su duka da lambar ƙasa a gaba, ka fitar da duk wanda ya taɓa cewa a daina.

Sau biyu ya isa. Na farko kwana biyar zuwa bakwai kafin rangwamen, lokacin da mutane ke tsara sayayya, na biyu da safiyar ranar ƙarshe. Ka tura da rana, ba da dare ko asuba ba, domin ƙaramar waya kan kwana kusa da kan mai ita da ƙararta a buɗe. Ka guji ranar bikin kanta, saƙonnin gaisuwa kan cika layi da akwatin waya, wasu tsofaffin wayoyi kuma ba sa karɓar sabo sai an goge na ciki. In lambar da ka sa mutum ɗaya ne ke ɗauka, ka raba turawar kashi-kashi, misali 200 kowace awa, kada kira ya taru a kansa lokaci guda.