Ina Ake Sa Karan Ɗori a Dogon Harɗaɗɗen Suna?

Tambaya: Malam, ina ganin wasu suna rubuta "kace nace", wasu "ka-ce-na-ce". Wanne ne daidai? Kuma me ya sa ba a sa karan ɗori a "jirgin sama"?

Amsa: Ka-ce-na-ce ne daidai. Asalinsa jimloli biyu ne, "ka ce" da "na ce", suka dunƙule suka zama sunan abu ɗaya, wato gardama. Kowace kalmar da ke ciki tana riƙe da rubutunta na asali, sai a ɗaure su da karan ɗori ba tare da barin fili ba. Mai rubuta "kace" ya yi kuskure tun kafin a zo maganar karan, domin wakilin suna ba ya manne wa aikatau.

Hanyar ginawa ke nan ko da sunan ya yi tsawo. Ɗauki je-ka-na-yi-ka, wanda ake kiran shugaban da aka ɗora don ya bi umarnin wani. Fara rubuta shi a matsayin magana: je ka, na yi ka. Kalmomi 5 ne, saboda haka kara 4 za ka sa. Sai ka gwada cusa wata kalma a tsakiya. Idan ka ce "je ka gida na yi ka", ma'anar ta watse, alamar cewa suna ɗaya ne dunƙulalle. Haka faɗi-ka-mutu da a-kori-kura da malam-buɗe-littafi suke.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne iyakar sunan. A "majalisar je-ka-na-yi-ka", kalmar majalisar ba ta cikin harɗin, don haka ba ta ɗaukar kara. Haka ma "mulkin kama-karya". Harafin -n na nasaba kuwa a wutsiyar sunan yake sauka, a manne: ka-ce-na-cen 'yan kasuwa, faɗi-tashin rayuwa.

Wajen karantawa, kada ka tsaya a kan karan kamar waƙafi. Numfashi ɗaya ake yi. Kunne ma yana taimakawa. A "ya hana salla" muryar tana farawa sama a kan "ha", amma a hana-salla, sunan hular nan mai baki, gaɓoɓin "hana" duka ƙasa suke sauka. Tunda ba ma nuna karin sauti a rubutun yau da kullum, karan ne kaɗai ke gaya wa mai karatu wanne ake nufi.

Jirgin sama kuwa, da gidan sauro da ɗan sanda, -n ɗin nasaba ta riga ta haɗa su, shi ya sa akasarin marubuta ke barinsu haka. Jam'insu ma a kalmar farko yake faɗawa: jiragen sama, 'yan sanda. Za ka ci karo da masu rubuta "jirgin-sama", amma a ganina ƙarin aiki ne da ba ya kawar da wani ruɗani.