Idan murya ta sarƙe a tsakiyar jawabin tunawa da mamaci

"'Yan'uwa, an ɗora mini jawabin tunawa da malamarmu da ta rasu, a taron tsofaffin ɗalibai ranar Asabar. Duk lokacin da na gwada karantawa sai kuka ya zo mini. Yaya zan yi idan muryata ta sarƙe a gaban jama'a?"

Allah ya jiƙan Malama, ya ba ku haƙurin rashi. 'Yar'uwa, na karanta saƙonki zuciyata na sosuwa, domin na taɓa tsayawa inda za ki tsaya, a taron tunawa da malaminmu na lissafi wanda ya riƙe ni tamkar ɗan cikinsa.

Na tafi lafiya lau har na iso inda nake ba da labarin ranar da na je duba shi a asibiti, ya kama hannuna yana tambayata ko na ci abinci. A nan maƙogwarona ya toshe. Na buɗe baki, sauti ya ƙi fita, takardar tana rawa a hannuna. Ban kai ga jan numfashi na biyu ba mai gabatar da taro ya zo ya zare makirufo daga hannuna, ya ce wa jama'a namiji ba ya kuka, a kira na gaba. Na koma kujera da shafi guda cur ban karanta ba, kuma a cikinsa ne na rubuta godiya ga iyalinsa, waɗanda suke zaune a sahun gaba suna kallona. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, abin da aka hana shi ne kururuwa da maganar saɓo.

Da aka sake ba ni irin wannan jawabi kan wani abokin aikina, sai na rubuta dakatawar a cikin takardar kamar sauran jimloli. Na karanta jawabin da ƙarfi sau uku a ɗaki, na lura cewa muryar tana karyewa a wuri guda kowane karo, wato inda na ambaci haɗuwarmu ta ƙarshe. Ke ma ki gwada da murya a fili, domin karatun zuci ba zai nuna miki wurin ba. Idan kin gano shi, ki bar fili a ƙarƙashin jimlar, ki rubuta DAKATA da manyan baƙaƙe.

A ƙasan wannan kalma na rubuta wa kaina abin yi: in sauke makirufo zuwa ƙirji don kada lasifika ta ɗauki shessheƙa, in fara fitar da numfashi a hankali kafin in ja sabo ta hanci, in ƙirga biyar, in kurɓi ruwa. Haɗiyar ruwan tana sassauta ƙullin da ke maƙogwaro. Idanuna suna kan takarda, domin haɗa ido da matar mamaci a wannan lokaci yana ƙara tsinka zuciya. Shirun zai yi miki tsawo ƙwarai, amma ga masu sauraro ɗan lokaci ne.

Abin da ya fi taimakona shi ne jimlar dawowa. Na sa "Allah ya jiƙansa da rahama" nan da nan bayan dakatawar, saboda gajeriya ce, baki ya saba da ita, kuma jama'a za su amsa da amin, wanda zai ba ki wani numfashin. Bayan ita sai jimla maras nauyi a zuciya, irin su "Ya yi shekara 22 yana koyarwa a makarantar nan." Kada ki koma kan jimlar da ta sa ki kuka, kuma kada ki shiga ba da haƙuri, domin neman afuwar yakan sake tayar da kukan.

Ina roƙonki ki sami mai gabatarwa tun kafin a buɗe taro, ki gaya masa cewa idan kin yi shiru ya bar ki. Ki ba wata ƙawarki kwafin jawabin ta tsaya kusa da ke, ku yi yarjejeniya cewa idan kin gwada jimlar dawowa sau biyu murya ba ta fito ba, za ki miƙa mata makirufo ta ci gaba daga inda kika tsaya. Godiyar iyali kuwa ki kawo ta farkon jawabi, tun muryarki na da ƙarfi.